Surorin Makka da Surorin Madina: Yadda Ake Bambance Su, da Inda Sanin Ya Tsaya



Duk wanda ya riƙe allo a ƙasar nan ya san ta inda ake faro karatu. Daga Fatiha sai Nasi, sai Falaƙi, sai Ƙulhuwa, a yi ta hawa sama sura bayan sura. Yaro yana izun Sabbi ko izun Amma, aya ba ta wuce numfashi guda, kalma uku ko huɗu an kai gaɓa. Amma ran da ya kai Ma'ida, ko Nisa'i, ko Baƙara, sai ya tarar da aya ɗaya tana neman cinye fuskar allo. Kunnensa ya ji canjin tun kafin wani ya yi masa bayani. Abin da kunnen nan ya ji shi ne batunmu na yau, wato bambancin da ke tsakanin abin da ya sauka da farko da abin da ya sauka daga baya, da kuma yadda malamai suka gano wanne ya riga wanne.

Alƙur'ani sura 114 ne, ya sauka cikin shekara 23 ko kusa da haka, daga wajejen shekarar 610 zuwa 632 ta Miladiyya. Kimanin shekara 13 a Makka, 10 a Madina, Hijira ce ta raba su a shekarar 622. Jerin da ke cikin mus'hafi kuwa bai bi tsarin sauka ba. Dogayen surori ne a gaba, gajeru a baya, kuma galibin gajerun su ne suka riga sauka. Saboda haka yaron da ya faro daga ƙasa yana tafiya ne, a dunƙule, kusa da hanyar da sahabban farko suka bi, ko da yake ba sawu a kan sawu ba, don a cikin gajerun nan akwai irin su Suratun Nasr wadda tana daga cikin na ƙarshen sauka.

Kafin mu yi nisa, sai mun daidaita a kan abin da ake nufi idan an ce sura ta Makka ce ko ta Madina. Da yawa suna ɗauka gari ake nufi. Akwai malaman da suka tafi a kan haka, akwai kuma waɗanda suka ce a duba waɗanda ake yi wa magana. Amma maganar da ta fi rinjaye ita ce a duba lokaci: duk abin da ya sauka kafin Hijira na Makka ne, duk abin da ya sauka bayanta na Madina ne, ko a ina ya sauka. Dalilin rinjayarta a fili yake. Ayar cikar addini da ke Suratul Ma'ida a filin Arfa ta sauka, ranar Juma'a, a hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira. Arfa kuwa ga ta nan kusa da Makka, amma ayar ta Madina ce. Suratul Fathi a hanya ta sauka, ana komowa daga Hudaibiyya a shekara ta 6. Da gari ake bi, ina za a ajiye ta? Ma'aunin lokaci ne kaɗai ba ya barin ko aya ɗaya ba matsuguni.

To, mene ne ainihin bambancin? Babu wanda ya fayyace shi kamar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Buhari ya ruwaito cewa wani mutumin Iraƙi ya zo wurinta yana son ta nuna masa mus'hafinta don ya jera surori daidai. Sai ta sanar da shi cewa abin da ya fara sauka gajerun surori ne masu ambaton Aljanna da Wuta, sai da mutane suka komo ga Musulunci sannan halal da haram suka sauka. Ta ce da hanin shan giya ne ya fara zuwa, da sun ce ba za su taɓa barin ta ba, haka nan da hanin zina. Ta ƙara da shaida daga rayuwarta: wata aya ta Suratul Ƙamar ta sauka a Makka tana yarinya mai wasa, Baƙara da Nisa'i kuwa ba su sauka ba sai da tana ɗakin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ku lura, a zance guda ta ba mu bambancin jigo, ta ba mu hikimarsa, ta kuma nuna mana yadda ake sanin lokaci, wato ta bakin wanda aka yi abin a gabansa.

A Makka ana magana ne da mutanen da ba su yarda ba tukuna. Suna musun tashi bayan mutuwa, suna bautar gumaka, suna alfahari da dukiya da 'ya'ya, ga su kuma gwanayen harshe. Sai surorin farko suka zo musu gajeru, masu tsawa, ana buɗe su da rantsuwa da rana ko dare ko hantsi ko dawakin yaƙi, ana zana ranar da sama za ta tsage, duwatsu su zama kamar saɓin ulu, a tone kaburbura. Ana tambayar mutum daga me aka halicce shi. Ana zargin mai cin dukiyar maraya da mai binne 'ya mace da rai. Daga baya, da gardama ta yi tsawo, cutarwa ta yi tsanani, sai surori suka fara faɗaɗa, ƙissoshin annabawa suka shigo da yawa: Nuhu, Hudu, Salihu, Ibrahimu, Musa, kowanne da mutanensa da yadda suka ƙaryata shi da abin da ya same su. Ƙissar tana gargaɗin Ƙuraishawa, tana kuma rarrashin zuciyar Annabi da 'yan tsirarun da ke tare da shi.

A Madina masu sauraro sun canja. Yanzu akwai jama'a mai shugaba da masallaci da kasuwa, akwai marayu da zawarawa bayan yaƙi, akwai ƙabilun Yahudawa maƙwabta, akwai kuma wasu da ba a san irinsu a Makka ba, wato munafukai. A Makka shiga Musulunci azaba yake jawowa, wa zai yi ƙaryar shigarsa? Sai a Madina, da ya yi ƙarfi, aka sami masu nuna shi a baki. Wannan jama'a tambayoyinta na yau da kullum ne: nawa ne rabon 'ya mace a gado, yaya ake saki, kwana nawa ne idda, yaya za a raba ganima, me za a yi da bashi. Hukunci kuwa yana son sharaɗi da togaciya, don haka aya ta miƙe. Ayar bashi da ke ƙarshen Baƙara ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, tana cika shafi guda cur a bugun Madina. A ciki an ce a rubuta bashi, an faɗi wanda zai yi shifta, an faɗi yadda za a yi idan shi mai cin bashin ba ya iyawa, an faɗi shaidu, an kuma togace cinikin hannu da hannu. Ga wani ma'auni da kowa zai iya gwadawa a gida. Suratush Shu'ara ta Makka ce, ayoyinta 227 a lissafin Hafsu, amma kimanin shafi 10 ta ci. Ma'ida ta Madina ayoyinta 120 ne kacal a wannan lissafi, ta ci fiye da shafi 20.

A nan akwai maganar da nake so a yi hattara da ita. Za ka ji ana cewa Makka ita ce ta tauhidi da taɓa zuciya, Madina ta doka ce zalla. Wannan rabon ya yi tsauri. Ayatul Kursiyyu a cikin Baƙara take, ayar haske a cikin Suratun Nur take, dukkansu na Madina ne, kuma ban san wanda zai kira su busasshiyar doka ba. A ɗaya gefen, Suratul An'am ta Makka ce, doguwa ce, kuma a cikinta akwai hukuncin abin da ake ci da wanda ba a ci, da jerin wasiyyoyi a kan iyaye da marayu da cika mudu. Rinjaye ake nufi, ba katanga ce aka gina tsakani ba.

Yanzu ga babbar tambaya: ta yaya aka sani? Alƙali Abubakar al-Baƙillani ya bayyana cewa ba a sami wata magana daga Annabi da ke rarraba surori zuwa na Makka da na Madina ba, domin ba a umarce shi da haka ba, kuma waɗanda ke tare da shi ba su da bukatar a gaya musu abin da suke gani da idonsu. Ilimin ya dogara ne a kan haddar sahabbai da tabi'ai. Shi ya sa malamai suka ce hanya biyu ce: ta ji, wato ruwaya, da ta ƙiyasi, wato duba alamomin da ke jikin surar.

Ruwaya ita ce gaba. Abdullahi ɗan Mas'udu ya yi rantsuwa cewa babu surar da ta sauka face ya san inda ta sauka. Shi ne kuma ya ambaci Bani Isra'ila da Kahfi da Maryam da Ɗaha da Anbiya a matsayin tsofaffin surorin da ya fara haddacewa. An kuma ruwaito cikakken jeri na saukar surori, ɗaya bayan ɗaya, ana jingina shi ga Abdullahi ɗan Abbas da wasu tabi'ai irin su Jabir ɗan Zaidu da Ikrima da Hasanul Basri. Waɗannan jeri su ne malaman baya suka tattara. Zarkashi, wanda ya rasu a shekara ta 794 bayan Hijira, ya kawo su a littafinsa Alburhan. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, da wannan babi ma ya buɗe littafinsa Al'itƙan. Shi ne dai Suyuɗin da ya kammala tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a masallatanmu duk azumi, inda za ka ji a farkon sura an ce ta Makka ce ban da aya kaza.

Ga ruwaya akwai wani mataimaki, wato tarihi. Idan sura ta ambaci abin da aka san shekararsa, to an sami turke. Wannan ya sa surorin Madina sun fi sauƙin jerawa. Anfal tana zancen Badar, shekara ta 2. Wani babban sashe na Ali Imrana yana zancen Uhudu, shekara ta 3. Hashr tana zancen fitar Banu Nadir, shekara ta 4. Ahzab yaƙin gwalalo, shekara ta 5. Tauba tana zancen Tabuka, shekara ta 9. A Makka turakun ƙalilan ne. Mun san Suratu Maryam ta riga zaman da aka yi a gaban Najjashi, tun da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa ita a Habasha. Littattafan sira sun ce Ɗaha ce Sayyidina Umar ya tarar ana karantawa a gidan ƙanwarsa ranar da ya musulunta. Farkon Suratur Rum yana nuni ga kayen da Farisa ta yi wa Rumawa, kuma tarihin duniya ya tabbatar Farisa ta ci Baitul Maƙdis a shekarar 614. Bayan irin waɗannan, surori da dama na Makka ba su da wani lamari sananne da za a ɗaure su a jikinsa. Shekara 13 da surori fiye da 80, amma turaku kaɗan.

Nan ne hanya ta biyu take shigowa. Malamai suka duba surorin da aka tabbatar da lokacinsu, suka tsamo alamomi, suka auna sauran da su. Kalmar tsawatarwa ta kalla ta zo sau 33 a cikin sura 15, dukkansu a rabin ƙarshe na mus'hafi, sai aka ce duk surar da take ciki ta Makka ce, don da masu girman kai ake. Surar da ta buɗe da haruffan nan da ake karantawa ɗaiɗai ta Makka ce, ban da Baƙara da Ali Imrana, a kan Ra'adu kuma an yi saɓani. Surar da ke da ƙissar Adamu da Iblis ta Makka ce, ban da Baƙara. Surar da ta ambaci munafukai ta Madina ce, ban da Ankabut. Surar da ke da haddi ko rabon gado ta Madina ce. Kiran da ake yi wa mutane baki ɗaya ya fi yawa a Makka, kiran da ake keɓe muminai da shi ya fi yawa a Madina, amma ga Nisa'i, ta Madina ce ba musu, da kiran mutane baki ɗaya ta buɗe. Kun ji kusan kowace ƙa'ida tana tafe da togaciyarta. Su kansu masu ƙa'idojin ne suka faɗi togaciyar, ba su ɓoye ba, kuma wannan ya nuna sun ɗauke su alamu ne masu taimako, ba hujja yankakkiya ba.

Bari mu ɗauki sura guda mu bi ta a hankali, don a ga yadda aikin yake a aikace. Suratul Muzzammil ayoyinta 20 a lissafin Hafsu. Ayoyin farko gajeru ne, gaɓarsu iri ɗaya, ana kiran Annabi yana lulluɓe da mayafi, ana umartarsa da tsayuwar dare, rabinsa ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, saboda magana mai nauyi tana tafe. Ana ce masa ya yi haƙuri da abin da suke faɗa. Komai na jikinta yana cewa farkon Makka, kuma jerin da aka ruwaito ya sa ta cikin surori uku ko huɗu na farkon sauka. Sai ka iso ayar ƙarshe. Nan take numfashi ya canja. Aya ɗaya ce, amma ta kusa rabin shafi. Tana sauƙaƙa tsayuwar daren, tana cewa a karanta abin da ya sawwaƙa. Ta kawo uzuri uku: za a sami marasa lafiya, za a sami masu tafiya fatauci, za a sami masu yaƙi saboda Allah. Ta kuma ambaci zakka da ba wa Allah rance mai kyau. Gaɓarta ma ta sha bamban da ta sauran.

Mai bin hanyar ƙiyasi zai ce wannan aya ta Madina ce, kuma yana da hujja. Ba a yi izinin yaƙi a Makka ba. Ayar tana ambaton wata ƙungiya da ke tsayuwa tare da Annabi, tsawonta da kalmominta irin na Baƙara ne. Akwai ma ruwaya daga Sa'idu ɗan Jubairu, wadda Ɗabari ya kawo, cewa shekara 10 ce tsakanin farkon surar da ƙarshenta. Amma a Sahihu Muslim Nana A'isha ta ce wata 12 aka jinkirta ƙarshen surar, sahabbai suna tsayuwa, sannan sauƙin ya zo. Idan farkon surar na farkon Makka ne, shekara guda bayansa har yanzu ana Makka. Masu wannan ra'ayi suka ƙara da cewa ayar ba ta ce ana yaƙi ba, cewa ta yi za a sami masu yaƙi, labarin abin da ke tafe ne. Zakka kuma an ambace ta a wasu surorin Makka tun kafin a ƙayyade nisabinta.

To ina aka tsaya? Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ayar ƙarshe ta sauka bayan na farko, kuma ita ta ɗauke nauyin wajabcin. Kunne ya ji haka, ruwaya ta tabbatar, hukuncin fiƙihu kuma bai dogara da fiye da wannan ba. Amma ko ratar shekara guda ce ko goma, nan saɓani yana nan. Ni dai ina ganin ruwayar Muslim ta fi ƙarfin isnadi, alamun jikin ayar kuma sun fi karkata Madina, kuma adalci shi ne mai tafsiri ya faɗi duka biyun. Wannan misali ya nuna wani abu da ake yawan mantawa: sau da yawa abin da ake sa wa lokaci aya ce ko gungun ayoyi, ba sura dungurungum ba. Ko Suratul Alaƙ ayoyi biyar na farko ne suka sauka a kogon Hira, sauran da ke zancen mai hana salla, wanda malaman tafsiri suka ce Abu Jahal ne, daga baya suka zo.

Ruwaya ma tana da wuraren tuntuɓe. Idan sahabi ya ce aya kaza ta sauka a kan abu kaza, wani lokaci yana nufin abin ne sanadin saukarta, wani lokaci kuma yana nufin hukuncin ayar ya haɗa da wannan abu ne kawai. Ibnu Taimiyya da Zarkashi duk sun yi wannan faɗakarwa. Wanda bai lura ba sai ya ɗauki tsohuwar aya ta Makka ya kai ta Madina, don kawai an karanta ta a kan wani lamari na can. Kuma kowane sahabi abin da ya sani yake faɗa. Shi ya sa a kan ayar da ta sauka ƙarshe aka sami amsoshi daban-daban: Ibnu Abbas ya ce ayar riba, Barra'u ɗan Azib ya ce ayar kalala da ke ƙarshen Nisa'i. Shi ya sa ma Suyuɗi ya kawo lissafin Ibnul Hassar, cewa sura 20 ne aka haɗu a kan na Madina ne, 12 an yi saɓani, sauran 82 na Makka. Lissafin da ya fi yaɗuwa yau, 86 na Makka da 28 na Madina, ya sami karɓuwa ne musamman ta bugun Alƙahira na 1924, wanda ya rubuta a kan kowace sura inda ta sauka da surar da ta riga ta sauka. Zaɓi ne na kwamitin malamai daga cikin ruwayoyi, ba wani ɓangare na wahayi ba ne.

Turawa masu binciken Gabas su ma sun shiga wannan fage. Bajamushe Gustav Weil ya fara a 1844, sai Theodor Noldeke ya fitar da littafinsa na tarihin Alƙur'ani a 1860. Noldeke ya karɓi rabon Makka da Madina daga malaman Musulunci, sannan ya kasa Makka gida uku ta hanyar salo: zangon farko sura 48, gajeru masu rantsuwa, na biyu sura 21, inda ƙissoshi suka faɗaɗa kuma sunan Arrahman ya yawaita, na uku sura 21, masu tsawon aya kusa da na Madina. Ya bar wa Madina 24. Surori huɗu da ya saɓa wa bugun Alƙahira a kansu su ne Ra'adu da Rahman da Insan da Zalzala, ya ce na Makka ne. Dukkansu huɗun malamanmu sun riga sun yi saɓani a kansu tun ƙarnoni kafin a haife shi. A kan Rahman, alal misali, mafi yawan malaman tafsiri sun ce ta Makka ce. A kan Ra'adu, lokacin da aka ce ayarta ta ƙarshe tana nufin Abdullahi ɗan Salam wanda ya musulunta a Madina, Sa'idu ɗan Jubairu ya ƙi yarda, ya ce ai surar ta Makka ce.

Inda ba mu tafiya tare da Noldeke a fili yake. Shi yana kallon canjin salo a matsayin canjin halin marubuci, har yana ganin zafin farko ne ya yi sanyi. Musulmi kuwa yana ganin maganar Allah ce take zuwa wa kowane zamani da abin da ya dace da masu sauraronsa. Ko ta fuskar bincike ma hanyarsa tana da rauni: idan ka ɗauka cewa gajere shi ne na farko, ka jera surori a kan haka, sannan ka ce ga shi jerin ya nuna gajere ne na farko, ka yi ta zagaye ne a wuri guda. Suratun Nasr mai aya uku ta isa shaida. Amma lurar da ya yi cewa aya tana ƙara tsawo a hankali ba ƙarya ba ce, kuma Musulmi ma sun bi ta. Mahdi Bazargan, injiniya ɗan ƙasar Iran wanda ya zama firaminista a 1979, ya ƙirga tsawon ayoyi ya jera sassan Alƙur'ani da lissafi. A 2011 wani mai bincike, Behnam Sadeghi, ya gwada wannan jeri da ƙididdigar kalmomin da ake yawan maimaitawa, ya ga salon yana sauyawa ne sannu a hankali daga zango zuwa zango. Lissafi yana iya nuna manyan zanguna. Ba ya iya ce maka wannan sura ta riga waccan da wata uku.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, tun da Alƙur'ani ya cika yana hannunmu? Amsar tana cikin hukunci. Ku dubi giya. A Suratun Nahl ta Makka an ambaci abin maye da ake samu daga dabino da inabi, an ware shi daga arziki mai kyau, ba a hana ba. A Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta. A Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye. A Ma'ida aka yi umarnin nisantarta gaba ɗaya. Wanda bai san jerin nan ba, ya tsinci ayar Nisa'i ita kaɗai, zai iya cewa bayan isha'i babu laifi. Haka abin yake a ayoyin haƙuri da na yaƙi, inda kuskuren ya fi tsada. Akwai masu gaggawar cewa aya guda ta ƙarshe ta shafe duk ayoyin yafiya, alhali da'awar shafewa ba ta tabbata sai an san wacce ta riga, kuma an kasa haɗa su ta kowace fuska. Suyuɗi kansa, bayan ya tace, ayoyi kimanin 20 kawai ya yarda an shafe hukuncinsu.

Saboda haka kirana ga malamanmu masu zama kan kujerar tafsiri, a masallaci ko a gidan rediyo: idan kuka iso farkon sura, kada ku wuce kalmar Makkiyya ko Madaniyya da gudu. Ku gaya wa jama'a da wa ake magana a lokacin, da halin da ake ciki. Inda aka haɗu ku ce an haɗu, inda aka yi saɓani, kamar Ra'adu da Rahman da ƙarshen Muzzammil, ku ce an yi saɓani, ku kawo hujjar kowane ɓangare. Ɗalibi kuma da ya sauke, ya nemi malami ya karanta masa babin farko na Al'itƙan, shafuka ne kaɗan.